Takardar Wakilci: Yadda Uba Zai Ba Ɗansa Ikon Kula da Dukiya Ba Tare da Ya Mallaka Masa Ba

Wanda ya je banki ko ofishin filaye a Gombe da niyyar yin wani abu a madadin mahaifinsa, da wuya ya fito ba a tambaye shi fawa of atoni ba. Mutane da yawa idan suka ji atoni sai su ɗauka ana nufin lauya, ko kuwa wata takarda ce da kotu kaɗai ke bayarwa. Atoni a nan yana nufin wakili, kuma wakilin nan yana iya zama ɗanka, ko matarka, ko ƙaninka, ko amininka, ko da bai taɓa shiga ajin koyon shari'a ba. Fawa of atoni kuwa takardar wakilci ce: mutum mai hankalinsa ya rubuta cewa ya ba wane izinin yin abu kaza da kaza da sunansa, kuma duk abin da wakilin ya yi a cikin iyakar da aka shata masa, doka za ta ɗauka shi mai dukiyar ne ya yi da hannunsa.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A wajen ɗaurin aure wakilin ango ne ke karɓar aure, amma matar ta ango ce, kuma da an shafa fatiha aikin wakili ya ƙare. Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi wakala, sun kuma kafa hujja da hadisin Urwatul Bariƙi, wanda Manzon Allah (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Abin da ya bambanta wakilcin baka da na takarda shi ne wanda za a nuna wa. Maƙwabci da ɗan haya sun san ka, sun san mahaifinka, maganar baka tana iya isar su. Ma'aikacin banki da mai rajistar filaye ba su san kowa ba, abin da ke rubuce kawai suke bi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wani dattijo ne a Jekadafari, mai mata biyu da 'ya'ya a kowane ɗaki, likitoci sun ce ya tafi Masar a yi masa aiki, kuma zai iya yin wata shida ko fiye bai dawo ba. Yana da gidan da iyali ke ciki, yana da gidan haya mai sassa uku a Tumfure, kowane sashe naira 300,000 a shekara, yana kuma da fili mai ƙafa 50 da 100 a Pantami da yake so a sayar a cika kuɗin magani. Ga kuma asusunsa na banki. Wannan shi ne irin gidan da ke bukatar takardar wakilci. Haka ma ɗan kasuwar da ke zaune a Jidda ko Legas ya bar gini a gida, da matar da ta gaji gona a Kumo tana aure a Kaduna, da magada goma da ke son mutum ɗaya ya riƙa zirga-zirgar ofis a madadinsu.

Mataki na farko: a yi tun yana cikin hayyacinsa

Wannan shi ne abin da iyalai suka fi makara a kansa, shi ya sa na sa shi gaba. Wakilci kyauta ce ta iko, kuma ba mai ba da iko sai baligi wanda ya san abin da yake yi a lokacin da yake sa hannu. Idan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, hannunsa ba ya riƙe biro amma yana gane mutane, yana fahimtar abin da aka karanta masa, yana iya cewa e ko a'a, to har yanzu ƙofa a buɗe take, zai iya dangwala yatsa a gaban shaidu. Amma idan ruɗewar tsufa ta kai shi ga bai san yau wace rana ba, ko yana kwance a asibiti bai san wanda ke kansa ba, babu sauran maganar wakilci. Kama yatsansa a dangwala a wannan hali ƙirƙirar takardar jabu ce, ko da niyyar mai yin ta alheri ce, kuma ranar da ɗan'uwa ɗaya ya kai ƙara, cinikin da aka yi da takardar zai iya rushewa, mai dangwalawar kuma ya tsinci kansa yana amsa tuhuma. Hanyar da ta rage a irin wannan hali ita ce kotu, a nemi alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar mara lafiyan.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani tun yanzu. Wakilci na yau da kullum yana faɗuwa idan mai bayarwa ya rasa hankalinsa daga baya. Saboda haka takardar da Baba ya sa wa hannu kafin tafiya tana aiki ne muddin yana raye kuma yana cikin hayyacinsa. Kada iyali su ɗauka sun sami lasisin da zai yi musu aiki a kowane hali.

Idan dattijon ya tsufa ƙwarai, ko ana tsoron wani daga cikin 'ya'ya zai ce an yaudare shi, yana da kyau a karɓi 'yar takarda daga likitan da ke duba shi, mai kwanan watan ranar sa hannu ko kusa da ita, da ke cewa yana cikin hankalinsa. Doka ba ta wajabta ba, amma takan kashe gardama tun ba ta tashi ba.

Mataki na biyu: a zauna a lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya

Kafin a je wurin lauya, a zauna da Baba da takarda da biro. Tambayar ita ce: me da me ake bukatar a yi a bayansa? A misalinmu abubuwa huɗu ne: karɓar kuɗin hayar Tumfure da ba da rasit, gyaran abin da ya lalace a gidan hayar, sayar da filin Pantami, da cire kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara daga banki. Gidan Jekadafari ba ya cikin lissafi, don haka ba ya shiga takarda.

Wakilci iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya, wanda ke cewa wakili ya yi duk abin da mai dukiya zai iya yi, akwai kuma na takamaimai, wanda ke jera ayyukan da sunansu. Ni dai ban ga dalilin da zai sa uban iyali ya ba da na gaba ɗaya ba don zai yi tafiyar wata shida. Na takamaimai ya fi kare shi, ya kuma fi kare ɗan da aka wakilta, domin ranar da 'yan ɗaya ɗakin suka ce ya wuce gona da iri, zai buɗe takarda ya nuna layin da ya ba shi izini.

Kotuna suna karanta irin wannan takarda a tsanake, ba sa faɗaɗa ta. Izinin karɓar haya ba izinin sayarwa ba ne. Izinin sayarwa ba izinin jinginarwa ba ne, ba kuma izinin yin kyauta ba. Ko da lauya ya rufe takardar da jimlar nan da suka saba, cewa wakili zai yi duk wani abu da ya dace, ana fassara ta ne da abubuwan da ke taimaka wa ayyukan da aka riga aka jera, kamar sa hannu a rasit ko kiran mai gyaran famfo. Wakili kuma ba ya wakilta wani a madadinsa sai takardar ta ba shi wannan dama a fili. Idan Yaya zai iya yin tafiya shi ma, a rubuta tun farko wa zai tsaya masa.

Ga yadda ma'anar sassan za ta kasance idan an tsara su da kyau. Na ba shi izinin karɓar kuɗin haya na sassa uku na gidana da ke Tumfure, mai lambar fili kaza, ya zuba su a asusuna mai lamba kaza cikin kwana bakwai da karɓa. Na ba shi izinin kashe abin da bai wuce naira 100,000 ba a kan kowane gyara, abin da ya haura haka sai da amincewata a rubuce. Na ba wane da wance izinin sayar da filina da ke Pantami, mai lambar fayil kaza, a kan kuɗin da bai gaza naira miliyan 4 ba, mai saye ya biya kai tsaye cikin asusuna. Wannan wakilci bai shafi gidana na Jekadafari ba, bai ba da izinin jingina ko cin bashi da sunana ba, kuma zai ƙare bayan wata 12 daga ranar sa hannu idan ban janye shi kafin nan ba.

Dubi abin da waɗannan iyakoki suka toshe. Mafi ƙarancin farashi ya hana a haɗa baki da dillali a karyar da filin. Biya cikin asusun Baba ya hana kuɗi kwana a aljihun kowa. Wa'adin wata 12 ya sa ko an manta ba a janye ba, takardar za ta mutu da kanta. Lambar fili da lambar fayil kuwa a kwafo su daidai daga takardar mallaka. Idan takardar tsohuwa ce da aka bayar kafin a ƙirƙiro jihar Gombe daga Bauchi a 1996, a fara zuwa ofishin filaye a tabbatar da lambar da fayil ɗin ke ɗauke da ita yanzu, domin lamba ɗaya da ta saɓa takan sa a dawo da mutum gida.

Mataki na uku: wa za a wakilta

Al'ada takan tura mu ga babban ɗa, kuma sau da yawa hakan daidai ne. Amma abin dubawa shi ne wanda ke zaune a garin, mai riƙe lissafi, wanda bashi bai yi masa katutu ba. Mace tana iya zama wakiliya, kuma a gidaje da yawa 'yar da ke aikin koyarwa ko jinya ta fi kowa iya ajiye rasit.

A gida mai ɗakuna biyu ina ba da shawarar a raba ayyukan. Karɓar haya da gyara a bar wa mutum ɗaya, don kada 'yan haya su rasa wanda za su kira. Sayar da fili kuwa a ɗora wa mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, a rubuta cewa sai sun sa hannu tare. Lallai a fayyace wannan, ko tare za su yi aiki ko kowannensu zai iya shi kaɗai, domin rashin fayyacewa yakan tsayar da ciniki a tsakiya. Sannan Baba ya tara iyali ya faɗa da bakinsa: "Na wakilta yayanku a kan haya, shi da ƙanwarku a kan fili. Ba kyauta na yi musu ba, aiki na ba su." Wannan magana ta minti biyu takan hana zargin shekaru.

Idan kuwa dukiyar gado ce da ba a raba ba, magaji ɗaya ba shi da ikon wakilta kowa a kan dukkanta, ko da shi ne babba. Kowane magaji baligi sai ya sa hannu, yara ƙanana kuma a bi ta hannun wanda shari'a ta ɗora wa kula da rabonsu.

Mataki na huɗu: rubutawa da sa hannu

A kai wa lauya jerin da aka yi, tare da kwafin takardun filayen, da katin shaida na Baba da na wakilai, da hotunansu. Kada a je shagon buga takardu a ce a sauya suna a kan ta wani, domin irin waɗannan kwafe-kwafen sukan zo da izinin sayarwa da jinginarwa a cikinsu ba tare da mai sa hannu ya lura ba. Tunda akwai sayar da fili a ciki, a gaya wa lauya tun farko, saboda ƙa'ida ita ce wakilin da zai sa hannu a takardar sauya mallaka mai hatimi, shi ma wakilcinsa sai ya zama an yi shi a takarda mai hatimi.

Da Turanci ake rubuta ta galibi, saboda ofisoshin da za a kai ta. Idan Baba ba ya karanta Turanci, ko da malami ne da ya haddace Alƙur'ani yana rubutun ajami, dole a karanta masa a fassara masa da Hausa ko Fulatanci, a kuma rubuta a ƙarshen takardar cewa wane ne ya fassara masa, ya nuna ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai fassarar ma ya sa nasa hannun da adireshinsa. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ce ta tanadi haka. Takardar da ta shafi ƙasa kuma, idan mai sa hannun bai iya karanta ta ba, a yi sa hannun a gaban majistare don ofishin rajista ya karɓa. Kada a bari wakilin da kansa ya zama mai fassara, kada kuma ya zama shaida.

A wurin karantawar nan ne ake kama kurakurai. Baba yana iya tsayar da lauya ya ce, "Barista, maimaita mini wurin nan. Na ji kamar ka ce gidaje, ni kuwa gida ɗaya na ce." A ba shi lokaci, ko da zai ɗauki awa guda. Ya sa hannu a kowane shafi, don kada a zare shafi a sauya wani.

Sai tabbatarwa. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauka takardar wakilci sahihiya ce idan an sa mata hannu a gaban notari, wato lauyan da aka ba ikon tabbatar da takardu da hatiminsa, ko a gaban alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Najeriya. Amfanin wannan shi ne nauyin kawo hujja ya koma kan mai cewa jabu ce. Wanda ya riga ya bar ƙasa ma nan ce mafitarsa: lauya ya rubuta a Gombe, a aika masa, ya sa hannu a ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar, kamar ƙaramin ofishin da ke Jidda ko babban da ke Alƙahira, sannan ya aiko da ta asali. Hoton takarda a waya ba ya wadatarwa a wurin sayar da fili.

Mataki na biyar: hatimin haraji, rajista da banki

Bayan sa hannu a biya kuɗin hatimi a hukumar tara haraji ta jiha, sannan, tunda takardar ta ba da izinin sa hannu a kan ƙasa, a kai ta rajista a ofishin filaye, wanda a Gombe hukumar GOGIS ke riƙe da shi. A nemi rasit na gwamnati a kan kowane biya. Rajistar ce ke sa duk wanda ya binciki fayil ɗin filin ya ga cewa akwai wakili, ya ga kuma iyakar ikonsa.

Banki yana da tasa hanyar. Ko da takardar ta ambaci asusu, bankuna suna da fom ɗinsu na ƙara mai sa hannu, za su nemi lambar BVN da katin shaidar wakili, kuma lauyoyinsu za su duba takardar kafin su amince. Abin da ya fi sauƙi shi ne Baba ya je reshensa da wakilin tun kafin tafiya, a cike komai a gabansa, a kuma sa iyakar abin da za a iya cirewa a wata. Miƙa wa yaro katin cire kuɗi da lambar sirri, wanda shi ne abin da yawancinmu ke yi, ba wakilci ba ne a idon banki. Idan kuɗi suka ɓace, banki zai ce mai asusu ne ya saki sirrinsa, idan kati ya maƙale ko ya ƙare, yaron ba shi da bakin karɓo sabo.

Akwai abubuwan da ba a wakilci a kansu ko an rubuta: jefa ƙuri'a, yin wasiyya, rantsuwa ko ba da shaida a kan abin da mutum ya gani da idonsa, da duk inda ake bukatar ɗaukar zanen yatsun mutum shi kansa.

Yadda wakili zai yi aiki

Wakili yana sa hannu ne da sunan mai dukiya. A rasit ɗin haya zai rubuta cewa an karɓa a madadin wane, ta hannun wakilinsa wane. A takardar sayar da filin Pantami, sunan Baba ne zai fito a matsayin mai sayarwa. Ko ƙara za a shigar a kan ɗan hayar da ya ƙi biya, da sunan Baba za a shigar. Wakili ya sami littafi guda ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita: haya naira 900,000, gyaran rufi naira 85,000, ga rasit ɗin mai kwano, ga na kafinta. Kada ya haɗa kuɗin da nasa ko na kwana ɗaya, kada kuma ya sayar wa kansa ko matarsa filin sai da amincewar Baba a fili, a rubuce. Idan mai saye ya taya naira miliyan 3 da rabi, wakili ba shi da ikon sallamawa ko da kuɗin magani sun matsa. Sai ya kira Baba, a samo rubutaccen izini.

Shi ma Baba bai rasa ikonsa ba don ya wakilta wani. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Chime da Chime a 2001 cewa wanda ya ba da wakilci yana iya sayar da dukiyarsa da kansa muddin wakilin bai riga ya sayar ba. Wannan yana da haɗarinsa: idan Baba ya yi alkawari da wani ta waya daga Alƙahira, 'ya'yansa kuma suka sallama wa wani a Gombe, an sayar da fili ɗaya sau biyu. Don haka su riƙa sanar da juna kafin a karɓi ko sisin kafin alƙalami.

Ga mai saye: takardar wakilci ba takardar mallaka ba ce

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, saboda haka zan ɗan tsaya. An saba a kasuwar filaye mutum ya biya kuɗin fili, maimakon a yi masa takardar sauya mallaka, sai a ba shi takardar wakilci da aka rubuta cewa ba a janye ta, a ce masa ai shi ke nan. Ana yin haka ne don guje wa kuɗi da jiran amincewar gwamna, wadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta kafin a sauya mallakar filin da gwamna ya ba da takardarsa. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci.

Kotun Ƙoli ta yi bayani ƙarara a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka ga wakili, izini ne kawai na yin aiki a madadin mai bayarwa. Gaskiya ne cewa wakilcin da aka bayar a kan kuɗin da aka biya, aka kuma rubuta ba a janye shi, ya fi na yau da kullum ƙarfi, mai bayarwa ba ya warware shi yadda ya ga dama. Duk da haka sunan da ke fayil ɗin gwamnati na mai sayarwa ne. Ranar da ya rasu, magadansa za su tarar da takardar fili da sunan mahaifinsu, kai kuma ka shiga shari'ar da da ka kauce mata. Idan sayen fili ka yi, ka nemi takardar ciniki, da takardar sauya mallaka, da amincewar gwamna, da rajista da sunanka. Wakilcin ya zama ƙari ne da zai ba ka damar bin takardun, kada ya zama shi kaɗai ne a hannunka. Iyali su ma su kula ta ɗaya ɓangaren: idan aka ga kalmar da ke nufin ba a janyewa a takardar da Baba zai ba ɗansa don tafiyar magani, a ce lauya ya cire ta, ba wurinta ba ne.

Idan kuma daga hannun wakili za ka saya, kamar filin nan na Pantami, ka karɓi takardar ta asali ka karanta da kanka ko lauyanka ya karanta. Ka duba ko ta ambaci sayarwa a fili, ko lambar filin ta dace da wadda ke takardar mallaka, ko wa'adinta bai wuce ba, ko mutum biyu aka ce su sa hannu. Ka je ofishin filaye ka tabbatar an yi mata rajista kuma ba a janye ta ba. Sannan ka nemi magana da mai filin ta kiran bidiyo, ka ji daga bakinsa. Wakilin da ya ce Baba ba ya son a dame shi, ko ya nace a zuba kuɗin a asusunsa shi, ko ya nuna maka kwafi ya ce ta asalin tana wani gari, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Janyewa da ƙarewa

A ce bayan wata uku labari ya kai wa Baba cewa kuɗin haya ba sa shiga asusu. Faɗa ta waya cewa na cire ka bai isa ba, domin 'yan haya da banki da masu sayen fili ba su ji ba, kuma wanda ya yi mu'amala da wakili da zuciya ɗaya bai san an janye ba, doka takan kare shi. Lauya zai rubuta takardar janyewa, mai hatimi idan ta farkon mai hatimi ce, Baba ya sa hannu a gaban jami'in jakadanci. A miƙa wa wakilin kwafi ya sa hannu ya karɓa, a karɓo ta asalin daga hannunsa, a kai wa banki da kowane ɗan haya sanarwa a rubuce, a kuma yi wa janyewar rajista a ofishin filayen da aka yi wa ta farko. Idan ana tsoron ya riga ya fara nuna wa dillalai filin, a buga sanarwa a jarida.

Idan kuwa Allah Ya yi wa Baba rasuwa, wakilcin nan ya faɗi, a dokar ƙasa da a fiƙihu baki ɗaya. Dukiyar ta zama ta magada, wakilin kuma ya koma magaji ɗaya a cikinsu. Daga lokacin da labari ya iso masa, ba shi da ikon cire ko naira ɗaya daga asusun ko sa hannu a cinikin fili, ko da don hidimar zaman makoki ne. Wakili daban yake da wasiyyi: aikin na farko yana ƙarewa da mutuwa, na biyu kuwa a nan yake farawa, kuma sai an yi wasiyya ake samunsa. Abin da ya rage wa wakili shi ne ya sanar da banki da 'yan haya, ya rufe littafinsa a kan ranar rasuwar, ya miƙa shi da rasitai da takardun filaye ga taron magada. Rabon gado sai a kai gaban malamai ko kotun da ke da hurumi, kuɗin banki kuma a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen da ke ba da ita a Babbar Kotun jiha, a tafi da takardar shaidar rasuwa da sunayen dukkan magada.